Karatun dogon rubutu a waya: inda ɗalibai ke tafka kuskure da yadda za a gyara

Da yawa daga cikin ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna, wato KASU, da Kaduna Poly yanzu a waya suke karatu. Malami ya tura handawut a guruf ɗin WhatsApp, kowa ya sauke, kuɗin fotokofi kuma ya huta. Daga nan gardama ta taso: wasu na cewa karatun waya ba ya zama a kai, wasu na cewa duk ɗaya ne da takarda. Kowane ɓangare na da kuskurensa, kuma mafi tsadar kurakuran ba a cika lura da shi ba.

Masu cewa duk ɗaya ne ba su yi daidai ba. A 2018 Pablo Delgado da abokan aikinsa sun tattara bincike 54 da aka yi a kan mutane sama da 170,000, suka tarar masu karatu a takarda sun ɗan fi fahimta. Tazarar ba babba ba ce. Idan aka ɗauki matsakaicin mai karatu a takarda aka jera shi da mutum 100 da suka karanta rubutun a sikirin, zai fi kamar 58 daga cikinsu, maimakon 50 da za a samu in babu bambanci. Don haka masu cewa waya na kashe karatu su ma sun yi ƙari. A kuma riƙe cewa akasarin waɗannan gwaje-gwaje a kwamfuta aka yi su, ba a waya ba, kuma fuskar waya ta fi ta kwamfuta ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi amfani a binciken shi ne inda tazarar take fitowa. Ta bayyana a rubutun bayani, irin na kimiyya da darussan makaranta, ta kuma ƙaru idan an ƙayyade wa mai karatu lokaci. A rubutun labari zalla ba a ga bambancin kirki ba. Wannan ya amsa hujjar da ake yawan kawowa, wai ai mutum kan karance littafin labari na Hausa a waya tun daga farko har ƙarshe bai rasa komai ba. Gaskiya ne, amma labari shi ke jan mai karatu gaba. Handawut ɗin tattalin arziki ko na sinadarai kuwa sai an koma baya, an haɗa ma'anar da ke shafi na 3 da misalin da ke shafi na 9, kuma nan ne waya ke gazawa.

Babban kuskuren, wanda ya fi damuna, shi ne yarda da jin cewa an gane. A 2011 Rakefet Ackerman da Morris Goldsmith sun sa ɗalibai su karanta rubutu, kafin gwaji kuma kowa ya ƙiyasta makin da zai ci. Saɓanin abin da binciken Delgado ya nuna, a wannan gwajin da aka ba kowa lokaci daidai wa daida, masu sikirin da masu takarda sun yi kusan kunnen doki. Da aka bar kowa ya tsaya lokacin da ya ga ya gane, sai masu sikirin suka ci ƙasa, alhali ƙiyasinsu ya zarce abin da suka iya. Ido na iya karatu a sikirin. Ma'aunin da ke gaya wa mutum ya isa haka ne ke ruɗinsa. Hannun da ya saba shafa hotuna da gajerun saƙonni da wannan saurin yake shafa darasi, kuma sauƙin wucewar layuka sai ya yi kama da fahimta.

Gane wannan ba wuya. Bayan kowane sashe a kife wayar, a ɗauki biro a rubuta abubuwa uku da sashen ya ƙunsa, da dalilin da ya haɗa su. Wanda ya iya faɗin jigon amma ya kasa kawo matakai ko sharuɗɗa, ya san bai gama ba. Bincike ya nuna jigo kan tsira a sikirin, ƙananan bayanai ne ke zubewa, kuma su malami ke tambaya a jarrabawa.

Sai kuskuren da ya keɓanta da waya, wato buɗe PDF yadda ya zo. A ɗauki ɗaliba mai handawut shafi 40 da jarrabawa nan da kwana biyar. An tsara shafin don takardar A4 mai faɗin santimita 21, fuskar wayarta kuwa ba ta wuce santimita 7 ba. Rubutun ya koma kashi ɗaya cikin uku na girmansa. In ta bar shi haka ido ya gaji, in ta buɗa shi da yatsu biyu kowane layi sai ta ja hagu ta ja dama, kuma a kowace dawowa tana iya tsallake layi ba ta sani ba. Ƙwaƙwalwar da ya kamata ta riƙe farkon jimla ta tafi neman inda aka tsaya.

Abin da za ta fara yi shi ne ta kwantar da wayar a kwance, faɗin ya kusa ninkawa. In rubutun bugun kwamfuta ne, Adobe Acrobat Reader na da Liquid Mode da ke sake jera layukan daidai da fuskar waya. In kuwa hoton takarda aka ɗauka aka mayar PDF, kamar yadda aka saba a guruf ɗin aji, wannan ba zai yi aiki ba. Ta kuma riƙa karantawa shafi-shafi maimakon jan rubutu sama ba tsayawa, domin mai karatu kan tuna abu da wurin da ya gan shi, kamar jadawalin da ke ƙasan shafi ta hagu, rubutun da ke gudu kuwa ba shi da ƙasa ba shi da sama.

Daga nan ta raba shafukan nan 40. A ce 12 ne ke ɗauke da lissafi, jadawali da zane, sauran gabatarwa ce da misalai. Waɗannan 12 su za ta kai shagon fotokofi, ta ce a buga shafi biyu a kowace fuska, gaba da baya. Takarda uku ke nan. Su za ta ja wa layi, ta yi rubutu a gefe, ta shimfiɗa biyu a tabarma ta kwatanta. Sauran 28 waya ta wadatar, in dai ana kife ta ana gwada kai. Mutane da yawa na ganin ko dai a buga duka ko a bar duka, tsadar bugawa kuma sai ta yanke musu hukunci.

Handawut ɗin yana zaune ne a manhajar da saƙonni ke shigowa, don haka a sauke shi, a rufe data ko a kunna Do Not Disturb kafin a fara. Saƙon da aka leƙa a tsakiyar sakin layi yakan sa a koma farkonsa, ko kuma, wanda ya fi muni, a wuce ba a koma ba.

Iyaye da malamai kuma su yi hattara da hana yara karatun sikirin gaba ɗaya. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake rubuta ta, da agogo yana ƙirga lokaci, kuma rubutun bayani cikin ƙayyadadden lokaci shi ne daidai yanayin da binciken Delgado ya nuna sikirin ya fi cutarwa. Yaron Tudun Wada ko Kawo da zai zauna mata ya koyi darasinsa a littafi, amma ya riƙa gwada tambayoyin fahimtar rubutu a kwamfuta da lokaci, yana komawa cikin rubutun ya nemo layin da ke tabbatar da amsarsa kafin ya danna.