Kurakuran da ke sa magani ya lalace a sito alhali kanta babu kaya

Mai kemis yakan yi kuka biyu a wata guda. Ga kwalin sirof ɗin tari a lungu wa'adinsa ya ƙare ba a sayar ba, ga kuma mutane suna ta shigowa neman maganin maleriya ana ce musu ya ƙare, sai jibi. Da yawa suna ɗaukar waɗannan a matsayin matsala biyu, har su ce in ka guje wa ɗaya dole ka faɗa ɗayar. Ni a ganina tushensu ɗaya ne, wato saro kaya da ido ba tare da sanin yawan abin da ke fita daga kowane magani a rana ba. Kuɗin da ya kwanta a kwalin sirof ɗin nan shi ne kuɗin da aka rasa ranar da za a saro maganin maleriyar.

Lissafa ciniki har da ranakun da babu kayan

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ɓuya, domin har masu rubuta cinikinsu suna yin sa. A ce ka duba littafinka ka ga ka sayar da fakiti 120 na maganin maleriya na manya a watan Yuni. Sai ka ce to, 120 nake sayarwa a wata, ka saro 120 na Yuli. Amma ka manta maganin ya yanke maka na kwana goma a cikin Yunin. Kenan a kwana 20 ka sayar da 120 ɗin, fakiti shida a rana. Da kayan bai yanke ba, da abin da ka sayar ya kai 180. In ka sake saro 120 zai sake yankewa, littafi ya sake nuna maka 120, ka yi ta zagaye a wuri ɗaya kana cewa kasuwa ce haka.

Gyaran ba wuya. Kowane magani mai tafiya ka ba shi shafinsa ko katinsa: ranar da ya shigo, adadinsa, wa'adinsa, abin da ya fita, abin da ya rage. Ranar da ya ƙare ka rubuta sifili, ranar da ya dawo ma ka rubuta. Idan ka zo lissafi, ka raba abin da ka sayar da yawan ranakun da kayan yake a kanta, ba da ranakun wata ba. Ka kuma ajiye ɗan littafi kusa da aljihun kuɗi, duk wanda ya tambayi abin da babu, yaron shago ya rubuta. Cinikin da ya wuce ka ba ya barin alama a ko'ina sai a nan.

Jira sai kanta ta bushe kafin a yi oda

Da ka san fakiti shida ke fita a rana, tambaya ta gaba ita ce: in na aika a kawo yau, yaushe kayan zai iso hannuna? Ba ranar da dila ya yi alkawari ba, ranar da ya saba isowa. Wanda shagonsa ke cikin Kano zai iya zuwa kasuwar magani ta Dangwauro ya dawo a wuni guda. Wanda ke wani gari a Jigawa ko Katsina, da sai ya tura kuɗi, an haɗa kaya, an sa a mota, zai iya kwana biyar yana jira.

Mu ɗauki kwana biyar ɗin. Shida sau biyar, fakiti 30 za su fita kafin sabon kaya ya iso. Sai ka ƙara wani abu na ko-ta-kwana, saboda mota takan lalace, dila ma yakan ce babu. Na mako guda ya isa ga magani irin wannan, wato fakiti 42. Jimilla 72. Ranar da abin da ya rage ya sauko 72, ranar ce ranar oda, ko da kanta tana nan cike a ido. Ka rubuta lambar a saman katin da jan biro, don yaron shago ma ya san lokacin da zai tuna maka.

Ba kowane kaya ke buƙatar wannan ɗawainiya ba. In ka zauna da littafinka za ka ga magunguna 'yan kaɗan ne ke kawo mafi yawan kuɗin shago. Ka fara da ashirin ko talatin na sama, sannan ka haɗa da waɗanda rashinsu ke cutar da mutum ko da ba su da ciniki sosai, kamar maganin hawan jini da na ciwon suga da mutum ke sha kullum. Wanda ya zo sau biyu bai samu nasa ba ya koma wani shagon ke nan, da shi da iyalinsa.

Lambar nan kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya duk shekara. A arewa maleriya tana tashi ne da damina, ta fi ƙarfi daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Shida a rana ta Yuni za ta iya ninkawa, don haka 72 ɗinka ba za ta isa ba. Abin da ya kamata ka duba a Yuli shi ne cinikin Agustan bara, ba na watan da ya wuce ba. Haka maganin tari da mura da hunturu, haka gishirin gudawa na ORS da zinc a lokacin zafi da farkon ruwa. Kuskuren da ke biyo baya shi ne a ci gaba da saro kaya da lissafin lokacin da ciniki ke kan ganiyarsa bayan lokacin ya wuce. Daga nan kwantai ke farawa.

Gyara da rangwame a kan kaya mai gajeren wa'adi

Wakilin kamfani zai zo a watan Maris ya ce ka ɗauki kwalba 100 na sirof ɗin tari ya yi maka gyaran goma. Kafin ka ce komai, juya kwalbar ka duba wa'adi. A ce saura wata biyar. Sai ka duba katinka: hunturu ya wuce, kwalba 12 kake sayarwa a wata. Sha biyu sau biyar 60 ne. Hamsin za su mutu a hannunka.

Mu sa kuɗi a kai don misali. Ka saya a naira 1,000 kowace, ka biya 100,000. Ka sayar da 60 a kan 1,300, ka samu 78,000. Ko uwar kuɗinka ba ta dawo ba, ka yi asarar 22,000, ga jarin da ya yi wata biyar a kwance. A aikace ma abin ya fi haka muni, domin mai saye da ya iya karatu ba zai karɓi kwalbar da ta rage mata mako biyu ba, kuma da gaskiyarsa. Maganin da za a sha na wata guda bai kamata ka bayar da shi ba in wa'adinsa zai ƙare kafin a gama sha.

Don haka kafin ka karɓi kowane kaya mai yawa, ka raba adadinsa da abin da kake sayarwa a wata. Amsar ita ce watannin da zai yi a hannunka. In ta wuce watannin da suka rage masa, ko ta yi kusa da su, ka rage adadi ko ka bar shi. Kwalba 110 a raba da 12 ya haura wata tara, wa'adi kuwa biyar. In ka ga dole sai ka ɗauka, a yi maganar mayarwa tun a lokacin, a rubuta a jikin rasit. Alkawarin baki na "in ya rage za mu canja maka" ba ya kai wata biyar da rai.

Jera sabo a gaba, tsoho a baya

Yaron shago ya kwance kwali, wurin da hannunsa ya fi kaiwa nan zai zuba, wato gaba. Tsohon kaya ya koma baya, ba a sake ganinsa sai ranar shara. Kowa ya san wannan, amma akwai ɗan abin da ake kuskurewa a gyaran. Ba wanda ya fara shigowa ne zai fara fita ba, wanda wa'adinsa ya fi kusa ne. Kayan da aka kawo yau zai iya riga na watan jiya ƙarewa, in dilan ya daɗe da shi a sitonsa. Saboda haka a duba kwanan watan da ke gaban EXP a kowane kwali ranar da ya shigo, ba wanda ke gaban MFG ba, wannan ranar haɗa maganin ce. In an rubuta wata da shekara kawai, kamar EXP 06/2027, yana nan har ƙarshen Yunin. Rubutun yakan yi ƙanana, don haka ka sake rubuta shi da maka a gefen kwalin da ke kallon waje.

Sau ɗaya a wata, a rana tsayayya, a bi kanta da sito a fitar da jerin duk abin da ya rage masa wata shida ko ƙasa. A wata shida kana da zaɓi: ka daina saro irinsa, ka nemi dila ya karɓa, ko ka yi musanye da wani mai shago mai lasisi da kayan ke tafiya a wurinsa. A wata ɗaya babu mai karɓa. A wannan zagayen ne kuma za a ƙirga kaya da hannu a gwada da kati. In kati ya ce 80 kanta ta ce 62, ko an ba da bashi ba a rubuta ba, ko wani hannu na shiga, kuma ko wanne ne lambar odarka ta riga ta zama ƙarya.

Yarda da kwanan wata a ɗaki mai zafi

Wa'adin da ke jikin kwali yana da sharaɗi. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, wasu ƙasa da 25. Shago mai rufin kwano babu silin, a watan Afrilu da zafin waje ke haura 40, ya karya sharaɗin. Kafso yakan yi laushi ya manne, man shafawa ya tsinke, amma sau da yawa ƙarfin maganin ne ke raguwa ba tare da ido ya ga komai ba. Wannan wani dalili ne na rage yawan ajiya da bazara. Ka ɗaga kwalaye daga ƙasa, ka nisanta su da bangon da rana ke duka, ka rataye ma'aunin zafi a sito. Insulin da sauran kayan firji suna son tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma daskarewa tana lalata insulin. In ba ka da sola ko janareta da za su riƙe firji in an ɗauke wuta, kada ka tara su, ka riƙa sarowa kaɗan-kaɗan.

Wanda ya riga ya lalace kuma, a cire shi daga kanta ranar da aka gan shi, a sa a kwali na dabam a rufe, a rubuta a jiki cewa ba na sayarwa ba ne, a shigar da adadinsa da kuɗinsa a littafi. Kada a watsa a bola, akwai masu tsintar irinsa su goge kwanan wata su mayar kasuwa, ga yara ma suna wasa a wurin. Hukumar NAFDAC ce ke kula da lalata irin waɗannan magunguna, sai ka tuntuɓi ofishinta na jiharku, ko ƙungiyarku ta masu kemis, ka ji yadda ake miƙa su.