Yadda Ake Gane Ko Gurnanin Kyanwa Na Jin Daɗi Ne Ko Na Ciwo

Mafi yawan masu kiwon kyanwa sun saba da wannan sauti mai laushi da take fitarwa idan ana shafa ta, wanda ake jin karkarwarsa a tafin hannu tun kafin kunne ya ji shi sosai, kuma kusan kowa yana ɗaukarsa a matsayin shaidar cewa tana cikin walwala. Sau da yawa hakan gaskiya ne, amma kyanwar da ke naƙuda, da wadda ta ji rauni, da wadda tsoro ya kama a kan teburin likita, har da wadda ta kusa mutuwa, duk suna iya yin wannan gurnanin. Saboda haka sautin shi kaɗai ba ya nuna halin da take ciki, sai an haɗa shi da abin da jikinta ke nunawa.

Kafin matakan da za a bi a gane halin da take ciki, yana da kyau a san inda sautin yake fitowa. A maƙogwaro ake yin sa, inda tantanin murya ke buɗewa yana rufewa kimanin sau 25 zuwa 30 a cikin sakan guda yayin da iska ke wucewa, kuma hakan na faruwa a lokacin shaƙar numfashi da lokacin fitar da shi, shi ya sa kyanwa ke iya ɗaukar mintuna tana yi ba yankewa, bakinta a rufe. An daɗe ana bayanin cewa ƙwaƙwalwa ce ke aika wa tsokokin maƙogwaro umarni a kan kowane bugu, sai a shekarar 2023 Christian Herbst da abokan aikinsa a Vienna suka hura iska cikin maƙogwaron kyanwoyi takwas da suka riga suka mutu, suka samu irin wannan sautin ba tare da wani saƙo daga ƙwaƙwalwa ba, suka kuma danganta hakan da wani nama mai kauri da ke cikin tantanin muryar. Abin da ya shafi mai kiwo a nan shi ne, gurnani ba aiki ne mai cin ƙarfi ba, don haka kyanwar da ta kasa tashi ta ci abinci tana iya ci gaba da yin sa.

Asalin ɗabi'ar yana tsakanin uwa da 'ya'yanta. Ana haifar 'ya'yan kyanwa idanunsu a rufe, kunnuwansu ba su fara ji ba, amma cikin 'yan kwanakin farko suke fara gurnani suna shan nono, uwar ita ma tana yi musu, su ji karkarwar a jikinsu. Idan aka duba ta nan, za a ga cewa ma'anar da ta fi dacewa da gurnani ita ce neman a zauna kusa da ita a kula da ita, kuma wannan buƙata tana zuwa wa kyanwa a lokacin daɗi kamar yadda take zuwa mata a lokacin wahala. Masana ɗabi'ar dabbobi da dama suna ganin cewa a lokacin tsoro ko ciwo kanta take kwantar wa hankali, kamar yaron da ke tsotsar yatsa ko ya ƙoshi ko ya firgita. Akwai kuma batun da ya yaɗu cewa karkarwar tana warkar da ƙashi da rauni. Wannan hasashe ne da aka gina a kan cewa saurin karkarwar ya yi kusa da wanda ake amfani da shi a wasu na'urorin jinya, kuma bai kamata ya sa kowa ya bar kyanwa mara lafiya da sunan tana yi wa kanta magani ba.

Mataki na farko shi ne a dubi lokaci da wuri. Kyanwar da ta zo da kanta ta hau cinya, ko ta miƙe a wurin da ta saba kwanciya tana danna ƙafafunta na gaba ɗaya bayan ɗaya, ba ta buƙatar wani bincike. Wadda ke gurnani tana zagaya ƙafafun mai ita a lokacin da aka saba ba ta abinci, roƙo take yi. A shekarar 2009 Karen McComb ta Jami'ar Sussex ta nuna cewa irin wannan gurnanin yana ɗauke da wani siririn kuka a cikinsa, wanda mutane ke ji a matsayin mai gaggawa, mara daɗin sauraro. Wadda ya kamata a tsaya a kanta ita ce mai gurnani ita kaɗai a ɓoye, a ƙarƙashin gado ko a wani lungu da ba ta saba shiga ba, babu mai taɓa ta, ba kuma lokacin abinci ba.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran amfani, shi ne karanta jiki da fuska daga nesa kafin a taɓa ta, domin da zarar an kai hannu yanayinta zai canja. Mai jin daɗi jikinta a sake yake, tana iya kwanciya ta gefe, jelarta a ajiye, tana lumshe ido a hankali tana buɗewa. Mai tsoro takan maƙale da ƙasa, ƙwayar idonta ta buɗe sosai, kunnuwanta su koma baya, ta naɗe jela a jikinta. Mai ciwo kuwa takan tsuguna a takure, bayanta a tanƙware, ta daɗe a haka ba ta sauya kwanciya ba.

Masu bincike a Jami'ar Montreal sun fitar da wani ma'auni a shekarar 2019 da ke auna ciwo ta fuskar kyanwa, kuma mai kiwo na iya amfani da shi a gida. Abubuwa biyar ake dubawa: ko kunnuwa suna fuskantar gaba ko sun baje gefe, ko idanu a buɗe suke ko a runtse, ko bakin a sake yake ko ya ɗaure, ko gashin baki ya lanƙwasa a sake ko ya miƙe ya yi gaba, da kuma ko kai yana sama da kafaɗu ko ya sauko ƙasa da su. Kowanne ana ba shi maki 0 idan babu alamar, 1 idan ta ɗan bayyana, 2 idan ta fito fili, jimilla 10, kuma maki 4 ko sama da haka yana nuna ciwon da ke buƙatar magani. Wurin da ake yawan kuskure shi ne idanu, domin lumshewar jin daɗi da runtsewar ciwo suna kama da juna. Bambancin yana a sauran fuskar, kuma kyanwar da ke gyangyaɗi ba a auna ta sai ta farka sosai.

Mataki na uku shi ne ƙirga numfashi. A jira ta daina gurnani, ko ma ta yi barci, domin gurnanin kansa yana canja saurin numfashi. A dubi haƙarƙarinta, kowane tashi da sauka numfashi ɗaya ne, a ƙirga na sakan 30 a ninka biyu. Lafiyayyar kyanwa mai barci ba ta wuce numfashi 30 a minti guda, kuma idan adadin ya kai 40 ko ya wuce alhali tana hutawa, ko tana numfashi da baki a buɗe, a kai ta asibitin dabbobi nan take. Idan ta yarda a ɗaga leɓenta, dadashinta ya kamata ya zama ruwan hoda, ba fari fat ko mai shuɗi-shuɗi ba.

Mataki na huɗu gajere ne: a tuna abin da ta ci, ta sha, ta kuma fitar tun jiya. Kyanwar da ta wuni ta kwana ba ta ci komai ba tana buƙatar likita, domin kwanaki kaɗan na rashin ci kan iya taɓa hantarta, musamman idan mai ƙiba ce.

A ɗauki misalin wani muzuru ɗan shekara huɗu, wanda ya saba tarbar mai shi a bakin ƙofa, amma yau an same shi a tsugune bayan kujera yana gurnani. Da aka dube shi daga nesa, kunnuwansa sun ɗan baje, wato maki 1, idanunsa a runtse, maki 2, bakinsa ya ɗan ɗaure, maki 1, gashin bakinsa a sake, maki 0, kansa daidai da kafaɗunsa, maki 1, jimilla 5. Numfashinsa 28 ne a minti, don haka babu alamar matsala a ƙirji. Bai taɓa abincin safe ba, kuma da aka tuna sai aka gane cewa tun daren jiya yake kai da komo zuwa akwatin yashin da yake fitsari da bayan gida a ciki, ya tsuguna ya yi nishi ya tashi ba tare da ya jiƙa komai ba, sannan ya koma yana lasar gabansa. Mutane da yawa kan ɗauka bayan gida ne ya ƙi fita, su ce a jira zuwa gobe tunda ga shi yana gurnani. A gaskiya waɗannan alamomi ne na toshewar hanyar fitsari, wadda ta fi kama maza saboda hanyarsu doguwa ce siririya. Mafitsara takan cika ta yi tauri, ƙoda ta kasa aiki, guba ta taru a jini, kuma muzurun na iya mutuwa cikin kwana biyu ko uku. Abin yi shi ne a sa shi a akwatin ɗauka a hankali, ba tare da matsa masa ciki ba, a kai shi wurin likita a wannan lokacin, ko da dare ne.

Kada a ba kyanwa maganin ciwo na mutane kafin a isa asibiti. Farasitamol musamman guba ne a gare ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi, kuma ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Idan kuwa binciken ya nuna tsoro ne kawai, misali an yi baƙi, ko an sauya gida, ko an kawo wata dabbar, tana ci tana sha, fuskarta ba ta kai maki 4 ba, to a bar mata maɓoyarta, a ajiye ruwa da abinci kusa da ita, kada a jawo ta da ƙarfi don a rarrashe ta. Haka nan a lokacin shafa, idan tana gurnani amma jelarta ta fara kaɗawa da sauri, fatar bayanta tana motsi, kunnuwanta sun juya baya, a janye hannu, domin cizo ne zai biyo baya ko da sautin bai tsaya ba. A asibiti ma abu ne sananne kyanwa ta yi ta gurnani har ta hana likita jin bugun zuciyarta, shi ya sa wasu likitoci kan buɗe famfo kusa da ita, ƙarar ruwan ta ɗauke mata hankali ta yi shiru na ɗan lokaci. Idan ana iyawa, a ɗauki ɗan gajeren bidiyon yadda take zaune da yadda take numfashi a gida a nuna wa likitan, domin kyanwar da ta firgita a asibiti takan ɓoye alamomin da ta nuna a ɗakinta.