Kurakuran da Aka Fi Yi a Shafukan Sadaukarwa da Godiya na Kundin Digiri

Ɗalibai da yawa a Zariya sukan bar waɗannan shafuka biyu sai ana gobe za a kai kundi wurin masu yi masa bango, sannan su ɗauko na wani da ya riga su gamawa, su sauya sunaye kawai. Alhali kuwa idan aka ajiye kundi a ɗakin karatu irin na Kashim Ibrahim da ke Samaru, babu sauran damar gyara.

Kuskuren farko shi ne cakuɗa shafukan. Sadaukarwa jimla ɗaya ce ko biyu, ga mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, kamar a ce: "Na sadaukar da wannan aiki ga mahaifina marigayi, Allah Ya gafarta masa, da mahaifiyata." Da zarar malamai da abokan karatu sun fara shigowa, to an ci iyakar shafin godiya.

Wanda ya fi damuna shi ne mayar da godiya kirari. Za ka ga an rubuta: "Godiya ta musamman ga gagarabadau, kogin ilimi, bango madafar bayi, Farfesa wane." Girmama malami wajibi ne, amma wannan harshen maroƙa ne, kuma mai karatu zai kai ƙarshen jimlar bai san abin da malamin ya yi ba. Gyaran shi ne a faɗi aikin da kansa: "Ina godiya ga Farfesa wane, wanda ya duba wannan aiki, musamman saboda shawarar da ya ba ni ta taƙaita binciken ga unguwanni uku na Birnin Zariya, da haƙurin da ya yi wajen karanta babi na huɗu har ya daidaita." Malamin da ya karanta wannan ya san ɗalibinsa ya lura da wahalarsa. Haka za a yi wa ma'aikacin ɗakin karatu da dattawan da aka yi hira da su, sai dai duk wanda aka yi wa alkawarin sakaya sunansa, kada a fallasa shi a nan da sunan godiya.

Jerin da aka saba bi shi ne a fara da godiya ga Allah, sai masu duba aikin, sai malaman sashe, sai hukumar da ta ɗauki nauyin karatun idan akwai, kamar TETFund, sannan iyali da abokai. Habaici ga "mahassada" kuwa ba shi da gurbi ko kaɗan, domin yana zubar da mutuncin marubuci ne kawai.

Kafin a buga, a gwada kowane suna da yadda aka rubuta shi a shafin tabbatarwa, a kuma tambaya a ofishin sashe ko muƙamin wani ya sauya, domin wanda yake Dakta lokacin da aka fara binciken yana iya zama Farfesa kafin a kammala.