Yadda ake rubuta wasiƙar neman horon aiki a banki ga ɗalibin akanta na ajin ƙarshe

Na karanta wasiƙun ɗalibai masu yawa kafin su tura su banki, kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe: tsakiyar wasiƙar. Gaisuwa da adireshi da sa hannu ba sa ba kowa wahala, don haka ba zan tsaya a kansu ba. Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya shafe shekaru yana koyon lissafin kuɗi, amma wasiƙarsa ba ta da lamba ko ɗaya, sai "ni mai ƙwazo ne, mai gaskiya, mai son aiki da jama'a". Duk wanda ya nema haka ya rubuta. Mai tantancewa ba shi da hanyar gane na gaskiya.

Ka fara da sanarwar da bankin ya fitar, kafin ka taɓa alƙalami. Ka duba wane sashe ake nema wa ɗalibai: binciken kuɗi na cikin gida ne, ko ba da rance, ko sashen da ke haɗa rahoton kuɗi. Ka zaɓi ɗaya. Wanda ya ce "kowane sashe aka kai ni zan yi" yana ganin ya nuna sauƙin kai ne, alhali ya nuna bai san abin da ake yi a ciki ba. Misalan da zan kawo da Hausa suke, kai kuma ka rubuta da harshen da aka yi sanarwar.

Sakin layi na farko kada ya wuce jimla biyu ko uku. Ka faɗi gurbin da kake nema da sunan da bankin ya ba shi, da ajin da kake, da watan da za ka gama jarrabawa, domin suna son sanin ranar da za ka iya farawa. Labarin yadda kake son banki tun kana yaro ka cire shi.

Sakin layi na biyu shi ne wasiƙar. A nan ɗalibai ke jero kwasa-kwasan da suka yi, abin da takardar sakamakonsu ta riga ta faɗa. Maimakon haka, ka ɗauki aiki guda da ka yi da hannunka, ka ba da labarinsa: me ka tarar, me ka yi, me ya fito.

Wata ɗaliba ta kawo mini tata, ta rubuta cewa ta ƙware wajen daidaita littafin kuɗi da takardar bayanin asusu ta banki. Na tambaye ta a ina ta taɓa yi. Ta ce ai ba wani abu ba ne, ma'ajiyar ƙungiyar ɗaliban sashensu ce. Da na matsa, ashe lokacin da ta karɓi littafin akwai bambanci tsakaninsa da na banki. Ta fara cire cajin banki da ba a shigar ba da cakin da aka rubuta amma ba a kai ba tukuna, amma bambancin 4,500 ya rage. Sai ta tuna darasin aji: idan bambanci ya rabu da 9 ba saura, a nemi inda aka juya lambobi. 4,500 raba 9 ya ba ta 500 cif. Ta bi shigarwar ɗaya bayan ɗaya, ta tarar an rubuta 22,700 a inda rasidi ya nuna 27,200. Wannan labari ta ɓoye, ta sa "na ƙware" a madadinsa. Ga yadda muka mayar da shi:

"A matsayina na ma'ajiyar ƙungiyar ɗaliban sashenmu, na tarar da bambanci tsakanin littafin kuɗi da bayanin asusu na banki. Bayan na daidaita cajin banki da cakin da ba a kai ba, bambancin 4,500 ya rage, sai na gano an juya lambobi a shigarwa ɗaya. Daga nan na mayar da daidaitawar ta zama duk ƙarshen wata, a Excel, tare da rasidin kowace shigarwa."

Ka lura ba ta ce tana da lura ba, ba ta ce tana da amana ba. Mai karatu ne zai faɗa da kansa. Kuɗin ba su da yawa, kuma wannan ba matsala ba ce, domin aikin da za a fara ba ɗalibi a banki irin wannan ne: bin lamba har a gano inda ta kauce. In ba ka taɓa riƙe kuɗin kowa ba, ka yi amfani da aikin bincikenka na ajin ƙarshe ko wani aikin aji, amma ka faɗa a fili cewa na aji ne. Kada ka sa sunan mutumin da ya yi kuskuren, kada kuma ka fito da alƙaluman wani kamfani da ka taɓa yi wa aiki. Banki wurin riƙe sirri ne, wanda ya saki baki a wasiƙa ya kayar da kansa.

Batun Excel ma haka yake. "Na iya kwamfuta" bai ce komai ba. Ka ambaci abin da ka yi amfani da shi, kamar SUMIFS ko VLOOKUP, da aikin da ya yi maka. Amma fa abin da ba za ka iya yi a gabansu ba, kada ya shiga.

Sakin layi na uku ka nuna ka san littafin banki ba kamar na ɗan kasuwa yake ba. Kuɗin da mutane suka ajiye bashi ne a kan banki, rancen da ya bayar kuma shi ne kadararsa. Wannan ba ya buƙatar kashe ko sisi: yawancin bankuna suna sa rahotonsu na shekara a shafinsu, awa ɗaya ta ishe ka ka samo abu guda da za ka ambata. Mai neman sashen rance zai iya cewa ya karanta yadda bankin ke ware tanadi don rancen da ake tsammanin ba zai dawo ba a ƙarƙashin IFRS 9, ƙa'idar da ta fara aiki a 2018, yana kuma son ya ga yadda ake yi a aikace. Jimla ɗaya ta isa. Amma ka shirya, domin a ganawa za su iya tambayarka matakai uku da ake kasa rance a cikinsu, da abin da ke faruwa idan biya ya yi jinkirin kwana 30 ko kwana 90. In ba za ka iya amsawa ba, ka bar shi.

Rufewa gajere ne: tsawon lokacin da za ka iya yi, takardun da ka haɗa, da godiya. Ban yarda da roƙo ba, irin su "ku taimaka mini". Shafi ɗaya, kada ya tsallaka. Ka ajiye shi a PDF da sunanka a jikin fayil ɗin. Kafin ka tura, ka duba sunan bankin sau biyu, don na sha ganin wasiƙar da ke ɗauke da sunan bankin da aka tura wa jiya. Sannan ka gwada kowace lamba da kowane kwanan wata da abin da ke cikin takardar tarihin karatunka, su zo daidai.