Haɓo: a daina ɗaga kai sama

Jama'a don Allah in haɓo ya zo kar a ɗaga kai sama, jinin maƙogwaro yake komawa mutum ya haɗiye har ya yi amai. A zauna a ɗan sunkuyar da kai gaba, a matse wajen taushin hancin ƙasa da ƙashin nan da yatsu biyu, ana numfashi ta baki, minti 10 zuwa 15 ba sakewa, yawan leƙawa shi ke ɓalle gudan jinin. In ya wuce minti 20 bai tsaya ba ko ana jin jiri, sai asibiti nan take. Wanda kuma yake yawan dawo mai, balle mai shan maganin tsinka jini, ya ga likita a auna jininsa.