Yadda na gano inda ƙarfin famfona ke salwanta

Alhamdulillahi, ruwa ya dawo daidai. Famfon yana tura ruwa tsayin mita 22 a kan lita 4 a daƙiƙa, ni kuwa lissafina ya nuna buƙatata mita 20.5 ce, amma a da ruwan bai cika ba. Na wanke matata, na nemi yoyo, babu komai.

Ashe kuskuren a lissafi yake. Faɗin bututun milimita 50 ne, tsawonsa mita 60, hawansa mita 15. Gudun ruwa mita 2.04 a daƙiƙa, don haka v²/2g = mita 0.21, inda v gudun ruwan ne, g kuma ƙarfin jan ƙasa. Da ma'aunin gogayyar ruwa da bangon bututu f = 0.02, miƙaƙƙen bututu ya ci mita 5. A nan na yi ganganci, na ƙara kashi 10 cikin ɗari kawai saboda gwiwoyi da bawul.

Sai na ƙirga K, wato ma'aunin asarar kowace gwiwa ko bawul, ɗaya bayan ɗaya: gwiwa takwas, kowace 0.9, bawul ɗin gulob 10, bawul mai hana ruwa komawa 2, mafita 1. Jimilla 20.2, idan aka ninka da 0.21, asarar mita 4.2 ke nan, ba rabin mita ba. Da L = KD/f, inda L tsawon bututu ne, D kuma faɗinsa, gulob ɗin kaɗai daidai yake da ƙarin bututu mita 25.

Na maye gurbinsa da bawul ɗin get mai K = 0.2, na cire gwiwa biyu. Buƙata ta sauka daga mita 24.2 zuwa 21.8.