In shafin shiga wifi na otal ya ƙi fitowa

Jama'a, in kun haɗu da wifi a otal ko filin jirgi, waya ta nuna ta kama amma shafin sa lambar ɗaki ko kalmar sirri ya ƙi buɗewa, galibi ba wayar ce ta lalace ba. Shi wifin tare ka yake yi, sai ka nemi shafi mai http sannan ya karkatar da kai zuwa nasa. To yanzu kusan ko'ina https ne, shi kuwa a kulle yake ba ya karkatuwa, shi ya sa burauza ke ta juyawa ko ta yi gargaɗin tsaro.

Da farko kashe VPN. A Android kuma duba Private DNS a Settings, wato inda waya ke aika tambayar adireshin shafuka, in ka taɓa sa irin dns.google to mayar da shi Off, wannan ma yana hana mutane wallahi, don na'urar otal ba ta barin tambayar ta fita kafin ka yi rajista. Kashe datar layinka ma. Sai ka buɗe burauza ka rubuta neverssl.com ko captive.apple.com, shafin zai fito. In ya ƙi, danna Forget a kan sunan wifin ka sake haɗawa. Kana shiga ka mayar da VPN ɗinka.